Karanta Imel ba Tare da Matse Ido ba

Mai raunin gani kan shiga Settings na wayar Android, ya buɗe Accessibility, ya ƙara Font size, rubutun Gmail ya ƙara girma. Sai dai wasu saƙonnin talla da na sanarwa a cikin hoto ake tsara rubutunsu, don haka ba sa motsi. A nan Magnification ke da rana, domin yana faɗaɗa allon kansa.

Idan ganin ya yi ƙasa sosai, TalkBack ne mafita. Taɓawa ɗaya ya karanta sunan mai aikowa da kan saƙon, taɓawa biyu a jere ya buɗe shi, a ja shafi da yatsu biyu. Wannan sauyin ne ke sa sabon shiga zaton wayar ta lalace. Masu iPhone kuwa VoiceOver za su kunna.