Kafin Ka Ce "Ya Yi Kyau": Yadda Ake Bayyana Zane da Baki

A ɗora wa mutum zane a gaba a ce ya faɗi abin da ya gani, sau da yawa amsar ba ta wuce "kai, ya yi kyau" ko "ni ban gane komai ba". Duka biyun labarin zuciyar mai kallo ne. Wanda bai ga zanen ba, ko ya ji su sau goma, ba zai san ko doki ne a ciki ko kogi ba. Bayyana zane shi ne ka ara wa wani idonka, har ya iya ɗaukar fensir ya zayyana kwatankwacin abin daga maganarka kaɗai. Abubuwa biyar ne ke kai mutum ga haka: layi, launi, siffa, sarari da tsari.

Bari mu gwada su a kan zane guda, wanda Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holand, ya yi a watan Yuni na 1889 lokacin da yake jinya a wani asibiti a garin Saint-Rémy da ke kudancin Faransa. Sunansa na nufin dare mai taurari, kuma duk wanda ya rubuta The Starry Night a wayarsa zai gan shi. Tun 1941 yana gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York. Fentin mai ne a kan ƙyalle, faɗinsa kimanin santimita 92, tsayinsa kimanin 74. Da irin wannan bayani ake buɗe magana: wa ya yi, yaushe, da me, kuma girmansa nawa. Sai a lissafa abin da ke ciki ba tare da ado ba: sama da dare, jinjirin wata, taurari goma sha ɗaya, dogon itace, ƙauye, duwatsu.

Daga nan sai layi. Layi shi ne hanyar da hannun mai zane ya bi, kuma tambayoyi uku sun isa: ina ya nufa, miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe, kauri gare shi ko siriri ne? Layin da ke kwance yakan kawo natsuwa, na tsaye yakan nuna ƙarfi, mai murɗewa kuwa motsi yake jawowa. A wannan zane, sararin sama cike yake da gajerun shafe-shafen burushi, kowanne kamar ɗan tsinke, an jera su bi da bi har suka zama igiya mai naɗewa a tsakiya kamar guguwa. Itacen da ke hagu layukansa sama suka nufa suna karkaɗawa kamar harshen wuta. Gidajen ƙauyen kuwa da gajerun layuka miƙaƙƙu masu duhu aka kewaye su. Ka ga tun ba mu taɓa launi ba mun riga mun gano cewa sama na motsi, gari na kwance.

Launi shi ne inda masu koyo suka fi gaggawa. Cewa "shuɗi ne" bai wadatar ba, domin duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya san baba mai duhu dabam, ruwan bula dabam. A faɗi wane launi ne, haskensa ko duhunsa, da inda ya fi yawa. Shuɗi ne ya mamaye wannan zane, mai duhu a can sama da jikin duwatsu, mai haske gauraye da fari a cikin igiyar da ke naɗewa. Watan da ke kusurwar dama ta sama rawaya ne mai sirkin ruwan goro. Itacen kore ne mai duhu ƙwarai da ratsin ruwan ƙasa, daga nesa sai ka ce baƙi. Akwai dalilin da ya sa watan ke ƙyalli haka: shuɗi da ruwan goro kishiyoyi ne, in aka ajiye su kusa da juna kowanne yakan ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ka lura kuma da 'yan ɗigon rawaya a tagogin gidaje. Launin taurari ne ya sauko ƙasa, shi ya ɗaure sama da gari.

Don ganin siffa, ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace, manyan gaɓoɓi su rage. Za ka ga da'irori a sama, domin kowane tauraro yana zaune cikin zoben haske, mafi girma da fari shi ne wanda ke dama da itacen, wanda masana taurari suka ce Gamzaki ne. Za ka ga gidaje masu kusurwa huɗu da rufi mai tsini. Sannan za ka ga abu biyu masu kama da juna: itacen, da hasumiyar cocin da ke tsakiyar ƙauyen. Dukansu tsini suka yi sama, ɗaya ƙato, ɗaya ɗan siriri. Gano irin wannan maimaici shi ne alamar ido ya fara buɗewa.

Sarari kuwa yana amsa tambayar nan: me ke kusa, me ke nesa, kuma ta yaya na sani? Ƙyallen a shimfiɗe yake, zurfin da muke gani dabara ce. A raba zanen uku: gaba, tsakiya, baya. Itacen ne a gaba, shaida kuwa ita ce ya fi komai girma, ya tare abin da ke bayansa, kuma gindinsa ya fita daga zanen ta ƙasa. Ƙauyen na tsakiya, cocin da ya kamata ya fi itace girma ya koma ɗan mitsitsi saboda nisa. Duwatsu na baya. Amma saman ba ta ja da baya yadda aka saba ba, kaurin fentin ya sa kamar tana matsowa wajen mai kallo.

Tsari shi ne yadda aka jera duk waɗannan, kuma hanyar gano shi ita ce bin sawun idonka. Ina ya fara sauka, ina ya bi, ina ya tsaya? A nan sama ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na zanen. Itacen mai duhu ya yi nauyi a hagu, watan mai haske ya daidaita shi a dama, kamar kaya biyu a bayan jaki. Mutane da yawa idonsu kan hau itacen, ya bi igiyar zuwa wata, ya gangaro ta kan duwatsu ya huta a ƙauyen. Ka rufe itacen da yatsa ka gani: nan take zanen zai karkata dama, kuma abin da ya haɗa ƙasa da sama zai tafi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sa labari a madadin kallo. Mutum ya ji cewa mai zanen ba shi da lafiya, sai ya ce zanen "na nuna damuwa", alhali bai nuna ko layi ɗaya ba. Ga ma'auni mai sauƙi: duk jimlar da ba za ka iya ɗora yatsa a kan zanen ka ce "ga shi nan" ba, fassara ce, sai ta jira. In lokacinta ya yi, ta zo da shaidarta: "Ina jin rashin natsuwa, domin layukan sama ba su tsaya wuri ɗaya ba, gari kuma ya yi ƙanƙanta a ƙarƙashinsu." Wani ya ce shi murna yake gani, saboda hasken taurarin. Dukanku kuna da hujja, tunda kowa ya nuna inda ya samo ta.

In kana son ka san ko bayaninka ya kai, ka ba wani takarda da fensir, ka juya masa baya da wayarka, ka bayyana masa zanen cikin minti uku. In ya sa itacen a dama, ko ya cika rabin takardar da gidaje, ka san tsari ne ka tsallake. Sai ka koma ka sake kallo.