Kawo Gona da Kasuwa Cikin Waƙar Addini Ba Raini Ba Ne

Wata magana ta yawaita a bakin wasu matasa masu sauraren waƙoƙin wa'azi da na bege, wai duk mawaƙin da ya ambaci gero ko mudu ko rijiya a baitinsa ya zubar da darajar addini, sai wanda ya cika waƙa da Larabci shi ne mai ilimi. Abin takaici, masu faɗin haka ko fassarar Larabcin da suke yabo ba su iya ba.

Su koma ga Alƙur'ani. A Suratul Baƙara, aya ta 261, an kwatanta ciyarwa saboda Allah da ƙwayar hatsi guda da ta fid da zangarniya bakwai, kowace da ƙwaya ɗari. A Suratus Saffi an kira imani da aiki don Allah fatauci mai kuɓutar da mutum daga azaba. A Suratun Nur kuwa an kamanta ayyukan wanda ya kafirce da kawalwalniya, wadda mai ƙishi ke zaton ruwa ce. Ga noma, ga ciniki, ga ruwa. To, wa ya isa ya ce salon da Littafin Allah ya bi raini ne? Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ƙware a Larabci, amma ta yi waƙoƙi da Hausa da Fillanci don jajoji su kai wa matan ƙauye karatu da harshen da suke ji.

A ɗauki binne. Manomi ya sa irin geronsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Ya yi sara, ya zuba iri, ya rufe da ƙafa, amma ba shi da ikon ko ɗigo ɗaya. Mawaƙin da ya kawo wannan ya koyar da tawakkali cikakke, wato aiki tukuna, sannan a bar wa Allah sakamako. Wanda bai shuka ba kuwa, ko an kwana ana ruwa, ciyawa zai samu.

Za a ce ai misali yana iya karkatar da aƙida. Gaskiya ne, kuma a nan ya kamata a sa ido. A kasuwa in ka biya, kaya sun zama haƙƙinka. In mawaƙi ya ja misalin har ya nuna bawa yana bin Ubangiji bashin Aljanna, ya ɓata, domin da rahamarsa ake shiga. Haka in ya kamanta zatin Allah da wata halitta. Saboda haka, ya ku mawaƙa, kafin ku rera baiti ku tambayi kanku: ta wace fuska abubuwan biyu suka yi kama, a ina kuma kamar ta tsaya? Ku zaɓi sana'ar da kuka sani sosai, kada manomi ya ji kun ce ana yankan dawa kafin gero ya yi dariya. Sannan ku kai wa malami ya duba kafin ku shiga ɗakin ɗaukar murya.