An ce "za mu neme ka": jiran malami bayan darasin gwaji

A yawancin makarantun kuɗi na garuruwanmu, takardun shaida kaɗai ba sa sama wa malami aiki. Sai an shigar da shi aji ya koyar da darasi guda na minti 35 ko 40, shugaban makaranta yana zaune bayan ɗalibai yana rubuce-rubuce. In an gama a ce masa, "Sannu da ƙoƙari Malam, za mu neme ka." Daga nan sai shiru, shi kuma ya rasa ko ya kira ko ya ci gaba da jira.

Wanda ya kalli darasin ba lallai ne shi ke da wuƙa da nama ba. Shugaba yakan rubuta ra'ayinsa ne a kan tsarin darasin, da amfani da allo, da yadda malamin ya riƙe aji, sannan ya miƙa wa mai makaranta. Shi kuwa mai makaranta lissafin albashi yake yi. Shekarar karatu a Najeriya tana farawa a watan Satumba, don haka wanda ya yi gwaji a Agusta yana iya jira har a dawo daga hutu, a ga yawan yaran da suka yi rajista, a san ko za a raba aji biyu. Wani lokaci malamin da za a maye gurbinsa bai ajiye aiki a rubuce ba tukuna. Wani lokaci kuma an riga an yi wa wani tayi, kai an ajiye ka ne ko da zai ƙi.

Shi ya sa ya kamata tun kafin ka bar harabar ka tambayi ranar da za a yanke shawara, da wanda za ka tuntuɓa. Idan an ba ka rana, ka ƙara kwana biyu na aiki a kanta kafin ka tuntuɓa. Idan ba a bayar ba, mako guda ya isa.

A ce wata malama ta koyar da lissafi a aji 2 na ƙaramar sakandare ranar Talata, aka ce za a neme ta ran Juma'a. Juma'a ta wuce, Litinin ma haka. Safiyar Talata sai ta aika wa shugaban saƙo a rubuce, domin kiran waya yakan riske shi yana zagayen azuzuwa, ya amsa da "to, to" ya manta:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ce na koyar da lissafi a aji 2 ranar Talatar da ta gabata. Na gode da damar da aka ba ni. Ina so in ji inda maganar ta kwana, da ranar da zan sa ran amsa. Idan akwai takardar da ta rage, kamar shaidar NCE ko ta rajistar TRCN, zan kawo."

Ta ambaci darasi da aji da rana, saboda mai yiwuwa mutum biyar aka gwada a makon. Ba ta tambaya ko ta ci ko ta faɗi ba, tambayar da ke sa mai kunya ya yi ta kewaye-kewaye. Rana ta nema, abin da za a iya amsawa. Labarin kuɗin haya da na cefane kuwa ba wurinsa ba ne, ƙarshenta ma ya rage mata ƙarfi ranar cinikin albashi.

Amsar da ta zo da rana, ko da neman takarda, ko da tambayar nawa take so a biya ta, alama ce maganar tana da rai. "Muna kan dubawa" ba tare da rana ba, sai ta sake tuntuɓa sau ɗaya bayan mako guda, ta kuma ci gaba da nema a wasu wuraren. Idan wata makarantar ta yi mata tayi, ta faɗa da ladabi tare da ranar da za ta ba su amsa. Amma kada ta ƙirƙiri tayin ƙarya, domin masu makarantu a unguwa ɗaya sun san juna.

Amsar da ta fi bukatar hattara ita ce, "Ki fara zuwa kafin mai makaranta ya dawo." An sha ganin malami ya yi wata guda yana koyarwa, a ƙarshe a ce ai gwaji ne. Kafin ta ɗauki alli, ta nemi takardar ɗaukar aiki, ko aƙalla saƙo a rubuce mai ɗauke da ranar farawa, da albashi, da tsawon lokacin gwajin.

Aikin gwamnati hanyarsa daban. Hedimasta ba ya ɗaukar malami. Hukumar SUBEB ko hukumar malaman sakandare ta jiha ce ke fitar da sunaye, kuma can ake bibiya.