NER ko NGA: Abin da Layuka Biyu na Ƙasan Fasfo Suke Faɗa

Mutumin Kwaya, ko na Magariya da Dungas, yakan tsallaka cin kasuwar Maigatari da katin shaida kawai. Amma ranar da tafiyar Umara ko karatu a waje ta taso, fasfo ne zai yi magana a madadinsa, kuma na'urar filin jirgi layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto take karantawa.

Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ta tsara su a kundinta mai lamba 9303. Kowane layi yana da gurbi 44, kuma alamar < ce ke cike gurbin da ba kowa.

Layin farko yana farawa da P, wato fasfo. Gurbi na 3 zuwa na 5 yana nuna ƙasar da ta bayar da takardar, sannan suna ya biyo. Layi na biyu yana farawa da lambar fasfo, kuma gurbinsa na 11 zuwa na 13 yana nuna ƙasar da mai fasfon yake ɗanta. Ga ɗan Nijar mai fasfon Nijar, duka biyun NER ne. Na Najeriya kuwa NGA ne. NIG da ake gani a wasannin Olamfik ba shi da wuri a nan.

Me ya sa aka raba su? Domin mai bayarwa daban, mai riƙewa daban. Ƙasar da ta karɓi ɗan gudun hijira tana iya ba shi takardar tafiya: sunanta zai fito a layin farko, a na biyu kuma a sa XXB, alamar ɗan gudun hijira bisa yarjejeniyar 1951. Wanda ba shi da ƙasa ko ɗaya, XXA ake rubuta masa.

Akwai lambobin tantancewa da ke kama kuskure. Wanda aka haifa ranar 12 ga Maris 1985 za a rubuta masa 850312. Ana ninka lambobin da 7, 3, 1, 7, 3, 1 bi da bi, a samu 56, 15, 0, 21, 3 da 2. Jimlarsu 97, kuma lambar ƙarshe ta jimlar ake ɗauka, don haka 7 ce za ta biyo bayan ranar haihuwar. In aka ga wata lamba, na'ura za ta nuna matsala.

Sai dai wannan lissafi bai shafi haruffan ƙasa ba. In aka buga NGA maimakon NER, lambobin za su fito daidai, kuskuren ya wuce, har sai an zo neman biza ko hawa jirgi. Haka ma in wakilin tafiya ya zaɓi Najeriya a fom, tunda sunayen biyu suna maƙwabtaka a jeri.

Saboda haka, ranar da ka karɓi fasfo, duba wuraren nan biyu kafin ka bar ofis, ka kuma gwada su da abin da aka rubuta a bizarka.