Yadda Ake Hana Kwamfuta Maimaita Tunatarwa Kullum

A ɗauka wata makaranta tana da kwamfutar da ke duba rajistar aron littattafai kowace safiya. Wani ɗalibi ya riƙe littafi, sai ta dinga aika wa malami saƙo iri ɗaya har kwana 30. Daga bisani malamin zai daina karantawa, har muhimmin saƙo ya wuce shi.

Dalili kuwa shi ne tambaya ɗaya kawai take yi: shin an dawo da littafin? Ba ta tuna abin da ta aika jiya.

Maganin wannan shi ne a buɗe mata rajista ta biyu, inda za ta riƙa rubuta lambar aron da ranar da ta aika saƙo. Idan kwana 7 ba su cika ba, sai ta yi shiru. Ta haka saƙo 30 zai koma 5, wato a rana ta 1, 8, 15, 22 da 29.

Amma a kula, da lambar aron za ta gane al'amarin, ba da kalmomin saƙon ba. "Jinkirin kwana 3" da "jinkirin kwana 4" abubuwa biyu ne a wurinta, don haka kullum sabo za ta gani. Da zarar littafin ya dawo, sai a share lambar.