Dalilin Haɗuwar Ma'aunin Selsiyus da na Farenhait a kan −40

1. Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba wata tambaya da ɗalibai kan yi idan aka zo darasin awon zafi: me ya sa digiri 40 ƙasa da sifili yake ɗaya a ma'aunin Selsiyus da na Farenhait, alhali ko'ina ban da nan lambobinsu sun sha bamban? Za mu nuna cewa babu wani sirri na halitta a wannan lamba. Ta fito ne daga yadda aka tsara ma'aunan biyu.

2. Dangantakar ma'aunan biyu

Daniel Gabriel Fahrenheit ya bayyana ma'auninsa a 1724, Anders Celsius kuma ya gabatar da nasa a 1742. A yadda ake amfani da su yanzu, ruwa yana daskarewa a 0 °C, wato 32 °F, yana kuma tafasa a 100 °C, wato 212 °F, idan matsin iska daidai yake da na bakin teku.

Ke nan tazarar da Selsiyus ya kasa kashi 100, ita ce Farenhait ya kasa kashi 180, domin in an ɗebe 32 daga 212 saura 180. In muka rage waɗannan lambobi, za mu ga digiri 5 na Selsiyus daidai suke da digiri 9 na Farenhait. Sai mu ƙara 32, saboda mafarin ƙirgar ba ɗaya ba ne:

F = (9/5)C + 32

3. Neman mahaɗa

Muna neman zafin da C da F za su zama lamba guda. Bari mu kira ta x, mu sa ta a gurbin kowannensu:

x = (9/5)x + 32

Mu ninka ɓangarorin biyu sau 5:

5x = 9x + 160

Mu ɗebe 9x daga kowane ɓangare:

−4x = 160

Mu raba da −4:

x = −40

Don tabbatarwa, −40 sau 9/5 ya ba da −72, in an ƙara 32 sai a dawo −40. A matakin ƙarshe ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, su yar da alamar ɗebewa su rubuta 40. Gwaji zai tona kuskuren nan take, domin 40 °C ya yi daidai da 104 °F.

4. Ma'anar sakamakon

Ana iya isa ga amsar ba tare da x ba. A wurin daskarewar ruwa, Farenhait yana gaban Selsiyus da 32. Duk sa'ad da Selsiyus ya sauka da 5, Farenhait yakan sauka da 9, sai ratar da ke tsakaninsu ta ragu da 4. Kafin rata ta 32 ta ƙare ana bukatar irin wannan taki sau 8. A taki takwas Selsiyus ya sauka da 40 daga sifili, Farenhait ya sauka da 72 daga 32, duka biyu sun tsaya a −40.

Mahaɗar ɗaya ce tak, domin ratar tana canjawa da ƙima guda a kowane taki, ba ta komawa sifili sau biyu. Ƙasa da −40 lambar Farenhait ce ke zama ƙarama: −50 °C shi ne −58 °F. Sharaɗin haɗuwa kuwa shi ne girman digirin ya bambanta. Shi ya sa Selsiyus da Kelbin ba sa haɗuwa ko kaɗan: digirinsu girma ɗaya ne, ratar 273,15 da ke tsakaninsu ba ta motsi.

5. Amfaninsa wajen juya awo

Tunda ma'aunan sun haɗu a −40, in aka fara ƙirga daga can, 32 ta fita daga lissafin:

F + 40 = (9/5)(C + 40)

Mu ɗauki 45 °C, zafin da akan kai a Yamai cikin watan Afrilu. Ƙara 40 ya zama 85, sau 9/5 ya zama 153, ɗebe 40 saura 113 °F. In daga Farenhait aka taso, matakan su ne dai, sai a ninka da 5/9 kawai. Wannan ya kawar da ruɗanin ko kafin ninkawa ake ɗebe 32 ko bayanta.

Sai dai ƙa'idar ta matsayin zafi ce, ba ta shafi bambanci tsakanin zafi biyu ba. In zafi ya ƙaru da digiri 10 na Selsiyus, ƙarin a Farenhait 18 ne, ba 50 ba.

6. Kammalawa

Lamba −40 ta dogara ne kan abu biyu: ratar 32 a wurin daskarewa, da rabon 9 bisa 5. Da an canja ɗayansu, da mahaɗar ta koma wani wuri. Wanda zai auna wannan sanyi a aikace, kamar a Yakutsk ta Saberiya inda akan wuce shi cikin Janairu, ya sani cewa zaiba tana daskarewa a wajen −38,8 °C. Na'urar awon zafi mai zaiba zalla ba za ta nuna −40 ba, sai a nemi mai alkol a cikinta ko mai aiki da lantarki.