Garke, dami, gungu: Sunayen tattarau da abin da suke ɓoyewa a labaran Ƙaraye da Rogo

Da zarar kaka ta yi a ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, irin labaran da ke yawo a wayoyin matasa ba su cika sauyawa ba: garken shanu ya faɗa gonar dawa, an yi asarar dami kaza, gungun matasa sun tare hanya, tawagar hukuma ta je sasanci. Jimloli ne gajeru, kuma kowa yana jin ya fahimce su. Sai dai a cikin kowace akwai kalma guda da ta dunƙule abubuwa masu yawa ta mai da su abu ɗaya. Irin waɗannan kalmomi su ne masu nazarin harshe ke kira sunan tattarau.

Ƙananan hukumomin biyu suna mazaɓar tarayya guda, kuma su ne ke ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu da gwamnatin Kano ta kafa a watan Yulin 2024. Ƙasa ce ta noma da kiwo, don haka sunayen tattarau a nan kayan aiki ne na yau da kullum: da su ake ciniki, da su ake kai ƙara wurin mai unguwa, da su ake yanke diyya. Abin lura shi ne ba dukkansu ke ɗauke da adadi ba. Wasu suna ƙirgawa, wasu siffa kawai suke nunawa, wasu kuma hukunci suke yankewa tun kafin a yi bincike.

Dabbobi: garke da ayari

Garke shi ne taron dabbobin da ake kiwo tare: garken shanu, garken tumaki, garken awaki. Kalmar tana nuna cewa dabbobin suna ƙarƙashin kulawa guda, amma ba ta faɗin yawansu. Shanu goma sha biyu garke ne, ɗari biyu ma garke ne. Ba ta kuma faɗin mai su, domin sau da yawa makiyayi ɗaya yana riƙe da shanun mutane da dama, har da na mazauna gari da suka ba shi kiwo. Saboda haka idan aka ce garken wane ya yi ɓarna, tambayar wanda zai biya tana nan ba a amsa ba.

Shari'ar Musulunci ba ta dogara da kalmar garke wajen zakka, ƙirga take yi. Sai shanu sun kai 30 ake fitar da maraƙi guda, tumaki da awaki kuwa sai sun kai 40 ake fitar da guda ɗaya, kuma haka abin yake har zuwa 120. Wato duk inda haƙƙin wani ya shigo, malamai sun ajiye sunan tattarau sun koma ga lamba.

Ayari kuwa taro ne mai tafiya. Asalinsa jerin fatake ne da jakuna ko raƙuma ƙarƙashin madugu, irin waɗanda suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro suna yada zango a hanya. Bambancinsa da garke shi ne manufa: garke kiwo yake yi, ayari kuwa akwai inda ya nufa da wanda ke jagorantarsa. Shi ya sa kalmar ta zauna daram a kan motocin gwamna ko na ɗan takara. Haka ma jerin gwano, wanda aka aro daga yadda ƙwarin gwano ke tafiya a layi ɗaya, ya zama sunan duk wata tafiya da mutane ko motoci ke yi a jere.

Ya kamata a raba waɗannan da sunayen wuri. Ruga mazaunin makiyaya ce, ba dabbobin ba, kamar yadda amya take gidan zuma ba taron ƙudan ba. Rahoton da ya ce an kori ruga yana magana ne a kan iyalai da matsuguninsu.

Amfanin gona da kayan kasuwa

A nan sunayen sun kasu biyu. Akwai masu tsayayyen adadi: ƙwaryar goro ɗari ce, ƙwaryar doya ma ɗari ce, dozin goma sha biyu ne, turmin atamfa yadi shida ne. A zamanin kuɗin wuri, keso yana nufin wuri 20,000. Wanda ya sayi ƙwarya aka ba shi casa'in da biyar yana da hujjar cewa an zalunce shi, domin ana iya zubewa a ƙirga.

Sai kuma waɗanda siffa kawai suke nunawa. Kashi shi ne 'yar tarin tumatir ko tattasai da mai sayarwa ya kasa a gabansa, kuma idan kaya ya yi tsada sai kashin ya ragu, kuɗinsa na nan yadda yake. Tsibi da tuli tari ne babba. Kai shi ne abin da mutum zai iya ɗauka, kamar kan itace. Mafi nauyi a rayuwar manomi shi ne dami, wato zangarkun dawa ko gero da aka ɗaure wuri guda bayan girbi. Da dami ake auna arzikin gona tun zamanin da, har a al'adar Hausawa wanda ya noma dami dubu yakan cancanci sarautar noma. Amma girman dami ya danganta da hannun mai ɗauri, da irin hatsin, da yadda damina ta kasance.

Misali zai nuna inda matsalar take. A ɗauka shanu sun shiga gonar dawa a wani ƙauye na Rogo, aka kai magana wurin mai unguwa, ya tura dattawa tare da wakilin manoma da na ardo su duba. Suka kewaya gonar, suka dawo suka ce ɓarnar ta kai dami 20, kowane ɓangare ya amince. A ido an gama sulhu. Amma manomi yana lissafi ne da irin daminsa, wanda idan an sussuka yake ba da tiya goma, wato tiya 200. Makiyayi kuwa yana lissafi da ƙaramin dami mai tiya shida, wato tiya 120. Idan aka bi lissafin da aka saba da shi a kasuwannin Kano na tiya 40 a buhu, ɗaya yana jiran buhu biyar, ɗayan ya shirya biyan buhu uku. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma ranar biya kowa zai ce ɗan'uwansa ya saɓa alkawari, kuma daga irin wannan ne ƙaramar rigima ke girma.

Alamar sulhun da zai ɗore ita ce an sauko daga dami zuwa tiya a zama guda, an faɗi wace tiya za a yi awo da ita, an kuma ambaci farashin wace ranar kasuwa za a bi idan kuɗi za a biya. Dawa a lokacin kaka da dawa a tsakiyar damina ba kuɗinsu ɗaya ba. Shi kansa buhu ba tsayayyen ma'auni ba ne, tunda akwai mai cikar baki akwai wanda aka rage, abin da ya kamata a tuna duk lokacin da aka sanar da rabon buhu kaza na tallafi ba tare da faɗin nauyinsa ba.

Mutane: inda kalma ke yanke hukunci

Sunayen taron mutane sun fi sauran haɗari, domin suna zuwa da launinsu. Tawaga mutane ne da aka aika da izini, suna wakiltar wani. Ƙungiya tana da suna da shugabanni da manufa. Runduna ta masu ɗamara ce, kamar sojoji da 'yan sanda. Gayya taron sa-kai ne don yi wa wani aiki, irin wanda ake kira a yi wa dattijo noma ko a gyara hanyar gari. Dandazo da cincirindo yawa kawai suke nunawa, ba su ce komai a kan niyya ba. Majalisa kuma tana da fuska biyu: ta masu yin doka, da ta abokan da ke zama a bakin titi da yamma suna tattauna abin da masu dokar suka yi.

Gungu fa? A asali taro ne kawai na abubuwan da suka dunƙule wuri guda. Amma a harshen labarai ya daɗe yana tafiya da ɓarayi da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, har kunne ya saba jin laifi a bayansa. Zuga ma tana ɗauke da ƙanshin hayaniya da rashin tsari. Daba, wadda a da ake danganta ta da matattarar mafarauta, yau a Kano ba ta da wata ma'ana a kunnen jama'a sai ta'addancin unguwa.

A ɗauki matasa talatin daga wani gari a Ƙaraye da suka je sakatariyar ƙaramar hukuma kan lalacewar hanya. Mai rahoto na iya cewa tawagar matasa ta kai koke, ko dandazon matasa sun taru, ko gungun matasa sun dira a sakatariya. Mutanen ba su sauya ba, yawansu ma haka. Amma a jimlar farko ana jiran a ba su kujera, a ta uku kuwa ana jiran a kira 'yan sanda. An ga irin wannan a zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga Agusta, 2024. A Kano akwai waɗanda suka fito da kwalaye suna koke, akwai kuma waɗanda suka fasa wurare suka kwashi kaya, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Duk rahoton da ya haɗa su a suna ɗaya, mai kyau ko mummuna, ya zalunci wani ɓangare.

Nahawu ma yana da nasa tasirin. Hausa ta yarda a ce jama'a ta amince, ta kuma yarda a ce jama'a sun amince. Ta farko tana mai da mutane murya ɗaya, ta biyu tana tuna cewa ɗaiɗaiku ne. Shi ya sa sanarwar siyasa ke son cewa al'ummar Ƙaraye da Rogo ta yanke shawarar mara wa wane baya, ko da waɗanda suka zauna a ɗakin taron ba su cika mota biyu ba.

Ba za a iya magana ba tare da waɗannan sunaye ba, kuma babu mai neman a daina amfani da su. Abin da mai karatu zai riƙe shi ne tambayar da ta dace da kowane rukuni. Idan an ce garke, shanu nawa ne kuma na wa? Idan an ce dami ko buhu, tiya nawa ke ciki? Idan an ce gungu ko tawaga, wa ya raɗa musu sunan, kuma me suka aikata da ya sa suka cancance shi? Rahoton da ya amsa waɗannan ya ba da labari. Wanda ya tsallake su kuwa ya bar manomi da makiyayi da matashi a hannun duk wanda ya riga zaɓar kalma.